Jinin da na ɗora wa basir

Wata huɗu na yi ina ganin jini a bayan gida kafin na je asibiti. Ba kullum ba, wataƙila sau biyu a mako. Sai na gama yunƙuri, sai in ga ɗigo uku ko huɗu, ja jawur, kamar an yanki ɗan yatsa. Babu zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin nan shi ya sa na yi ta jan ƙafa. Shekaruna 46, aikina na zama ne daga safe har yamma, don haka na yanke wa kaina hukunci cewa basir ne. Kowa ya san yadda muke da wannan kalma: ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir. Da mutum ya furta ta, sai ya ji kamar an gama bincike.

Matata ce ta tsare ni ranar da ta ga tabo a wandona. Ta ce, "Baban yara, wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon zai ɓoye shi. Gobe ka je." Na je.

Likitan bai fara da duba ni ba. Tambayoyi ya yi ta jerowa, kusan duk a kan jinin. Launinsa ja ne ko ya yi duhu? Bayan fitar ba-haya yake ɗiga, ko a gauraye yake da shi? Akwai majina? Ina jin zafi kamar ana tsaga ni da reza lokacin fita? Sau nawa nake zuwa a rana, kuma hakan ya sauya kwanan nan? Na rame? Akwai wanda ya yi ciwon dajin hanji cikin iyayena ko waɗanda muke ciki ɗaya? Ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini? A lokacin na ɗauka tambayoyin cika takarda ne. Daga baya na gane cewa su ne rabin binciken.

Sannan ya ce in kwanta a gefen hagu, in naɗe gwiwoyina zuwa ƙirji. Ya duba waje, ya sa safar hannu ya taɓa ciki da yatsa, sannan ya saka wani ɗan gajeren bututu mai fitila, tsawonsa bai wuce na yatsa ba sosai. Duk abin bai kai minti uku ba. Kunyar da na yi wata huɗu ina gudu, ke nan iyakarta.

Ya ce, "Malam, kana da basir na ciki, mataki na biyu."

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Ashe kowane ɗan Adam da abin aka haife shi: wasu 'yan matasai ne na tsoka da jijiyoyin jini, yawanci uku, a cikin mafitar dubura, waɗanda suke taimakawa wajen rufe ƙofar da kyau don kada iska ko ruwa ya kuɓuce. Suna zama ciwo ne idan suka kumbura, zaren da ke riƙe da su ya saki, suka fara zamowa ƙasa. Akwai wani layi a cikin mafitar. Abin da ke samansa ba shi da jijiyoyin jin zafi irin na fata, shi ya sa basir na ciki yake zubar da jini shiru. Abin da ke ƙasansa kuwa fata ce, kuma idan jini ya daskare a basir na waje, mutum ba ya iya zama a kujera. Matakan na ciki huɗu ne: na farko jini kawai, ba ya leƙowa; na biyu yana leƙowa da yunƙuri ya koma da kansa; na uku sai an tura shi da hannu; na huɗu ko an tura ba ya zama. Da ya faɗi na biyun, sai na tuna wani ɗan tudu da nake ji lokacin tsarki, wanda in na miƙe yake ɓacewa.

Da muka zo kan dalili, sai ya tambaye ni minti nawa nake yi a bayi. Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce da waya nake shiga? Na yi dariya, shi bai yi ba. Gaskiyar magana ina yin minti ashirin, wani lokaci fiye, domin nan ne kaɗai wurin da babu mai kirana. Ya bayyana mini cewa idan mutum ya zauna a kan masai, gindinsa ba shi da abin da ya tallafe shi daga ƙasa, jini yana taruwa a matasan nan, in kuma aka haɗa da yunƙuri a kan ba-haya mai tauri, kullum ana tura su waje kaɗan-kaɗan. Juna biyu yana yin irin wannan matsi, haka ɗaga kaya masu nauyi, haka ƙiba, haka ma gudawa mai daɗewa. Magunguna irin su kodin da tiramadol kuma suna busar da ciki. Amma nawa dai a fili yake: taurin bayan gida, da dogon zama.

Na zaci zai rubuta mini allura ko ya ce tiyata. Abin da ya rubuta shi ne lamba: giram 25 zuwa 30 na harza a rana, wato abin da ake kira faiba, ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa. Sai ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai minti biyar a bayi, ba waya, in bai zo ba in tashi. Ya ce in dawo bayan mako shida, kuma kafin in fita a ɗebi jinina a auna. Wannan gwajin na kusa tsallake shi don layin ya yi tsawo.

Lambar nan ta giram 30 ba ta da ma'ana a wurina sai da na zauna na lissafa abin da nake ci. Farin burodi da shayi da safe, farar shinkafa da nama da rana, wani abu mai kama da haka da dare. Duka da ƙyar ya kai giram 10. Nama, ƙwai, madara da mai ba su da harza sam. Hatsin da aka cire wa dusa kuwa an raba shi da mafi yawan tasa. Sai na fara neman inda take. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen giram 13 zuwa 15, wato kusan rabin abin da ake nema a rana. Tuffa ɗaya da ɓawonta wajen giram 4 ce. Ayaba ko lemu kusan 3 kowanne, amma sai an ci lemun da totuwarsa, domin in aka matse ruwan aka zubar da sauran, harzar aka zubar. Ganye da karas da kabeji suna ƙarawa, sai dai ba kamar yadda nake zato ba. Ɗan abin da ake yaryaɗawa a gefen faranti bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren farko na yi shi a kwana uku na farko. Na ce tunda magani ne, bari in cika. Daga giram 10 na yi tsalle zuwa sama da 30 a rana ɗaya, ban kuma ƙara ruwa ba, domin ni ba mai jin ƙishirwa ba ne. Cikina ya kumbura kamar ganga, iska ta hana ni sakewa a ofis, ba-hayan kuma ya ƙara yawa ba tare da ya yi laushi ba. Na kira asibitin, wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauka. Ta ce, "Malam, ai harza soso ce. Ruwa take tsotsa ta kumbura, shi ne ba-haya yake laushi. In babu ruwan, ka ƙara wa hanji kaya ne kawai." Ta ce in koma baya, in riƙa ƙara kamar giram 5 duk bayan 'yan kwanaki, in kai adadin cikin mako biyu zuwa uku, saboda ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su ne ke cin harzar su fitar da iska, kuma suna buƙatar lokaci kafin su saba.

Akasin haka ma gaskiya ne, kuma mutane da yawa ba su san shi ba. Wani abokin aikina ya ce mini shi ruwa kawai yake ɗirka, lita huɗu. In jiki ba ya cikin ƙishi, ruwan da ya wuce buƙata hanji yana tsotse shi ya shiga jini, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Ba ya tsayawa a ba-haya sai ya sami abin da zai riƙe shi. Su biyun tare suke aiki. Ni dai na ajiye gorar lita ɗaya a kan tebur, ina shanye ta kafin tashi daga aiki, sauran a gida. Ma'aunin da aka ba ni shi ne launin fitsari: in ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ya isa. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa, adadin ruwansa likitansa ne ke yanke masa, ba wannan lissafin ba.

Ranakun da abinci bai kai ba, ina cikewa da garin isfagula, wato harzar ɓawon irin wani tsiro, wanda ake sayarwa a ƙananan ƙunshi na giram 3.5. Ana kaɗa shi a cikakken kofin ruwa a shanye nan take kafin ya yi kauri, kuma ba a sha dab da kwanciya barci. An kuma ba ni wani man shafawa don ƙaiƙayi, da gargaɗin kada in wuce kwana bakwai da shi, domin mai sinadarin sitiroyid yana sa fatar wurin ta yi siriri in aka daɗe. Man ba ya warkar da komai, lallashi ne kawai.

Zuwa mako na huɗu abin ya sauya. Ina shiga, minti biyu ko uku na fito, ba yunƙuri. Ɗan tudun nan ya daina leƙowa sai jefi-jefi. Ɗigon jan jinin ya ragu daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya a mako uku. Na fara ba wa mutane shawara kamar wani masani. Har na yi niyyar ba zan koma ranar da aka ba ni ba.

Abin da ya mayar da ni wani abu ne da ban lura da shi a da ba, wataƙila domin jan jinin yana rufe shi. Sau biyu na ga wani zare mai duhu, kamar launin hanta, a jikin ba-hayan kansa, tare da 'yar majina. Ba ɗiga ya yi daga baya ba, tare suka zo. Na tuna tambayar likita ta farko.

Da na faɗa masa, sai ya buɗe sakamakon gwajin jinin da na kusa tsallakewa. Himogulobin ɗina, wato sinadarin da ke sa jini ja, wanda da shi ake gane yawan jini, 11.6 ne. Ga namiji baligi, ƙasa da 13 ƙarancin jini ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga mace marar ciki, ƙasa da 12. Ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jikina, wadda ake aunawa da gwajin feritin, ita ma ta yi ƙasa. Sai a lokacin na haɗa shi da hakin da nake yi in na hau bene, wanda na ɗora wa shekaru.

Na ce, "To Likita, ai basir ɗin ne ya zubar da jinin. Kai da kanka ka gan shi."

Amsarsa ita ce dalilin da ya sa nake rubuta wannan. Ya ce ganin basir ba ya tabbatar da cewa daga shi jinin yake. Basir ya yi yawa a cikin mutane har ta kai ga in aka duba manya da dama za a same shi, ko suna da wani ciwon ko ba su da shi. Mutum yana iya samun basir a ƙofa, kuma yana da wani abu dabam can sama da inda ɗan bututun nan yake kaiwa. Basir yana iya jawo ƙarancin jini, amma ba kasafai ba, kuma sai jinin ya yi yawa ya daɗe. Ɗigo uku sau biyu a mako bai isa ya bayyana 11.6 ba. Ya ce ƙarancin ƙarfe a jikin namiji, ko macen da ta daina al'ada, ana ɗaukarsa a matsayin zubar jini daga ciki ko hanji har sai an bincika an ga ba haka ba.

Ya ƙara fayyace mini bambancin launi. Jinin basir daga bakin ƙofa yake, bai yi tafiya ba, shi ya sa yake fitowa ja, yana ɗiga ko ya shafi bayan ba-haya. In da zafi mai tsanani lokacin fita wanda ke ɗaukar mintuna ko sa'o'i, galibi tsagewar fatar dubura ce. Jinin da ya yi duhu ya gauraya kuwa ya daɗe a hanya, daga sama ya taso. Baƙin ba-haya mai danƙo kamar kwalta da wari na daban, wannan yawanci daga tumbi ne ko farkon ƙaramin hanji, kuma ba a kwana da shi a gida. Haka in jini ya ɓalle da yawa da gudaji, ko mutum ya ji jiri da bugun zuciya. Ya ja kunnena cewa launin alama ce kawai, ba hukunci ba, domin ciwon da ke ƙasa-ƙasa a hanji shi ma yana iya zubar da jan jini. Shi ya sa ake haɗawa da sauran abubuwa: shekaru, musamman daga 40 zuwa sama, sauyin yanayin bayan gida da ya ɗauki makonni, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, rama ba dalili, tarihin dangi na kusa, ƙarancin jini, da jinin da ya sauya kama ko ya ƙi tsayawa duk da an yi maganin basir. Ni na cika uku: shekaru, ƙarancin jini, da jinin da ya sauya kama.

Aka rubuta mini kolonoskofi, wato leƙa babban hanji gaba ɗaya da dogon bututu mai lanƙwasa da kyamara a bakinsa. Babban hanji ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Abin da aka gani ranar farko 'yan santimita ne na ƙarshensa. Aka ce kuma za a leƙa tumbi ta baki a zama ɗaya, tunda ƙarancin ƙarfe ne.

Shirin ya fi gwajin wahala nesa ba kusa ba. Abin dariya, bayan mako shida ina farautar harza, sai aka ce in daina cinta na kwana biyu zuwa uku, domin ragowarta tana manne wa hanji ta rufe wa kyamara ido. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka fara ba ni aka ce in ajiye su mako guda kafin ranar, saboda suna baƙanta ba-haya. Jajibirin gwajin babu abinci mai nauyi, sai ruwa da abin sha marar kauri. Maganin wankin ciki lita biyu ne, rabi da yamma, rabi da sassafe, ana kurɓa kofi-kofi, ana bin sa da ƙarin ruwa. Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri da zaƙin da bai dace ba. Sanyaya shi ya taimaka. Bayan kamar sa'a guda ya fara aiki, daga nan ban ƙara nisa da bayi ba. Alamar an shirya ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya. Sista ta gaya mini cewa wanda ya sha rabi ya bari, sau da yawa sai an sake masa komai daga farko. Basir ɗina ya ɗan tashi da wannan zirga-zirga, na shafa man kariya a wurin, ya lafa.

Gwajin kansa ba na tuna yawancinsa. An sa mini allurar kwantar da jiki a jijiya, na kwanta a gefen hagu, na ji ɗan murɗa lokacin da ake hura iska don hanjin ya buɗe. Kusan minti arba'in. Ƙanena ne ya mayar da ni gida, domin ba a barin wanda aka yi wa wannan allura ya yi tuƙi a ranar.

Tumbi lafiya lau. A hanji kuwa, wajen santimita 30 daga ƙofa, an sami tsiro mai ɗan wuya kamar naman kaza, faɗinsa milimita 18, samansa ya yi ja yana tsattsafo da jini. Likitoci suna kiransa folif. A nan take aka zarga masa wata 'yar waya, aka yanke shi da lantarki, aka tura ɗakin gwaji. Ban ji komai ba, domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka.

Kwana goma sha biyu na jira. Ba zan yi ƙarya ba, ban yi barcin kirki ba. Sakamakon ya ce adinoma ce, irin tsiron da ba kansa ba ne amma daga irinsa mafi yawan kansar hanji take tasowa, a hankali, cikin shekaru da kan kai goma. An cire shi duka, gefensa babu saura. Saboda ya wuce milimita 10, aka ce in dawo a sake dubawa bayan shekara uku, kuma in sanar da 'yan'uwana na ciki ɗaya su faɗa wa likitocinsu.

Basir ɗin da ya kai ni asibiti shi ne aka yi wa aiki daga ƙarshe. Ɗaya daga cikin ukun ya ci gaba da leƙowa, sai aka ɗaure shi da ƙaramar roba a ɗakin duba marasa lafiya, ba tare da sa barci ba. Ana sa robar a saman layin nan da ba a jin zafi, ta toshe masa jini, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda, tabon da ya bari ya riƙe sauran a sama. Kwana biyu na yi ina jin nauyi kamar ina son zagayawa, farasitamol ya wadatar. An gargaɗe ni cewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 ana iya ganin ɗan jini lokacin da ɓawon ya faɗi, amma in ya yi yawa, ko zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ƙi fita, ko zafi ya tsananta, in taho nan take. Na ga ɗan jini a kwana na tara, ya tsaya da kansa.

Na sha ƙwayoyin ƙarin jini wata uku bayan adadin ya daidaita, don ma'ajiyar ta cika. Su ma suna taurara ciki, don haka isfagula ta dawo bakin aiki a wannan lokacin. Gwajin ƙarshe ya nuna 14.2. Wake da gorar ruwa suna nan, wayar kuma a kan tebur nake barinta in zan shiga. Takardar ranar komawa kolonoskofi tana hannun matata, ta ce ba ta yarda in ajiye ta da kaina ba.